Amsoshin Takardunku: Tsayin Tanki Da Ƙarfin Ruwan Famfo

 Takardar wannan mako ta fito daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a yankin Funtuwa. Ya ce ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya ɗora tanki mai cin lita 2,000 a kan hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 4. Daga nan ya ja famfo uku: ɗaya a tsakar gida, ɗaya a lambunsa da ke gangare, ɗaya kuma a shagonsa na bakin titi, inda mata da 'yan garuwa ke sayen ruwa. To, famfon shagon ne ke ba shi ciwon kai. Da safe yakan kawo ruwa kaɗan-kaɗan, kafin la'asar ya ɗauke ɗif, alhali da sauran ruwa a tanki, masu saye kuma su koma wani wuri. Na lambun ma bai taka kara ya karya ba. Wani ya ce masa ya ƙara sayen tanki, wani ya ce ya ɗaga hasumiyar. Shi ne yake tambaya, wace shawara zai bi, kuma shin akwai hanyar da mutum zai san ƙarfin ruwan famfo tun kafin ya kashe kuɗinsa?

To malam, mun gode da wannan tambaya, kuma ka yi dabara da ka tsaya ka tambaya kafin ka kira mai walda. Hanya kam akwai, lissafinta kuma bai fi ƙarfin wanda ke ƙirga buhuna a kasuwa ba.

Abin da kowace mita ke ƙarawa

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, ƙarfin ruwan famfo daga tsayi yake zuwa. Ruwan da ke sama yana danna na ƙasa da nauyinsa, wannan danniya ce ke tunkuɗo ruwa waje idan ka murɗa kan famfo. Gwargwadon tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da bakin famfo, gwargwadon ƙarfin.

Masu gyaran famfo suna auna wannan ƙarfi da wani ɗan agogo mai allura da suke kira geji, ɗan'uwan wanda mai faci ke auna iskar taya da shi. A fuskar gejin za ka ga an rubuta bar, wani kuma an rubuta psi, wani duka biyun. Ka'idar ita ce, tsayin mita 10 na ruwa yana ba da kusan bar 1. Ke nan kowace mita ɗaya tana ƙara kashi ɗaya cikin goma na bar, wato 0.1. In ana son lissafi na ƙwaƙƙwafi, 0.098 ne, amma wannan ɗan bambanci ba zai hana ka komai ba. A gejin psi kuwa, kowace mita tana ƙara kusan 1.4, mita 10 ke nan kusan 14.

Don ka gane girman abin, tayar ƙaramar mota takan ɗauki iska wajen psi 30, wato kusan bar 2. Kafin ruwan tanki ya kai wannan ƙarfi, sai an ɗaga shi sama da mita 20, tsayin bene mai hawa shida ko bakwai. Saboda haka kada wanda ya ɗora tanki a kan rufin ɗaki ya sa ran ruwa ya riƙa feshi kamar na wurin wankin mota. Can inji ne ke tura shi.

Me ya sa mita 10 ke ba da wannan adadi? Ɗauki ɗan wuri mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya, kamar farcen ɗan yatsanka. In ka tsayar da siririn bututu mai wannan faɗi, mai tsayin mita 10, ka cika shi da ruwa, lita ɗaya cif zai ci. Lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. To nauyin kilo ɗaya a kan wuri kamar farce, shi ne kusan bar 1. In tsayin mita ɗaya ne, nauyin giram 100 ne a kan wannan ɗan wuri.

Girman tanki ba ya ƙara ƙarfi

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Suna ganin tanki mai lita 5,000 lallai ya fi mai lita 1,000 tura ruwa. Ba haka ba ne. In saman ruwan da ke cikinsu yana tsayi ɗaya, to ƙarfin da geji zai nuna a bakin famfo ɗaya ne.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san yadda ake jera buhunan masara a sito. Buhun da ke can ƙasa, nauyin waɗanda aka ɗora a kansa yake ji. In ka jera wasu layuka ashirin a gefensa, ba abin da ya shafe shi. Amma ƙara buhu ɗaya a saman layinsa, nan take ya ji a jikinsa. Haka ruwa yake: faɗi yana ƙara yawa, tsayi ne ke ƙara ƙarfi. Wannan ba sabon ilimi ba ne, wani masani mai suna Simon Stevin ya rubuta bayaninsa da harshen mutanen Holan tun a shekarar 1586.

Amfanin babban tanki shi ne ruwa ya daɗe bai ƙare ba. In ka ƙara tanki na biyu kusa da na farko ka haɗa su, saman ruwa zai riƙa sauka a hankali, don haka famfon shagonka zai ƙara 'yan awoyi kafin ya ɗauke. Amma ƙarfinsa na safe ba zai wuce yadda ka saba gani ba.

Daga ina zuwa ina ake awo

Kuskure na biyu shi ne a auna ƙafafun hasumiya kawai a ce shi ke nan. Awon gaskiya yana farawa daga saman ruwan da ke cikin tanki, ya ƙare a bakin famfon da kake magana a kai. Kuma tsayi ne tsaye ake aunawa, daga sama zuwa ƙasa, ba tsawon bututun da ya zagaya gida ba.

Ga yadda za ka yi. Ka auna daga ƙasa zuwa gindin tanki. Ka ƙara zurfin ruwan da ke ciki. Sai ka cire tsayin famfon daga ƙasa. In wurin da famfon yake ya fi gindin hasumiya gangara, ka ƙara wannan gangara. In tudu ne, ka cire. Abin da ya rage na mitoci ka raba shi goma, ka sami bar.

In ba ka da tef na awo, mita ɗaya ƙafa uku ce da inci uku da ɗan ɗoriya. A jikin gini kuma, layi huɗu na bulo mai inci 9 tare da simintin tsakaninsu kusan mita ɗaya ne. Gangara ko tudu kuwa, nemi magini ya zo da siririn tiyon nan garai-garai da suke daidaita gini da shi. Ana zuba ruwa a ciki, mutum biyu su riƙe bakunan biyu, ruwan ya tsaya daidai da juna a kowane ɓangare. Sai a bi hanyar bututu gaɓa-gaɓa ana auna bambancin ana tarawa.

Mu lissafa na gidanka

Ka ce hasumiyarka mita 4 ce. Tanki mai lita 2,000 in ya cika, zurfin ruwansa yakan kai wajen mita ɗaya da rabi. Ke nan da safe saman ruwa yana mita 5.5 daga ƙasa, in ya kusa ƙarewa kuma yana mita 4.

Famfon tsakar gida, mu ce tsayinsa mita 1 daga ƙasa. Da safe, 5.5 a cire 1, saura mita 4.5, wato bar 0.45. Da yamma, 4 a cire 1, saura mita 3, wato bar 0.3. Ka ga ƙarfin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ba tare da wani abu ya lalace ba. Saukar ruwa a cikin tanki ce kawai.

Famfon lambu, ka ce nisansa mita 60, kuma gangare ne. Mu ɗauka ƙasa ta sauka da mita 2, famfon kuma rabin mita ne daga ƙasa. Da safe, 5.5 a ƙara 2, a cire rabi, ya zama mita 7, wato bar 0.7. A lissafi shi ya fi kowane ƙarfi a gidanka. Za mu dawo kan dalilin da ya sa ba ka ganin haka a ido.

Sai famfon shago. Ka ce ana ɗan hawa kafin a kai titi. Mu ɗauka tudun ya kai mita 3, famfon kuma mita 1 daga ƙasa don jarka ta shiga ƙarƙashinsa. Da safe, 5.5 a cire 3, a cire 1, saura mita ɗaya da rabi kacal, wato bar 0.15. Da ruwan tanki ya sauka zuwa gindi, 4 a cire 3, a cire 1, saura babu. Saman ruwa ya zo daidai da bakin famfo, ruwa kuwa ba ya hawa sama da inda ya fito in ba inji. Tun kafin a kai nan, famfon zai koma ɗiga. Ga amsar ɗaukewar ruwanka da la'asar. Mu dai ƙiyasta tudun muka yi, kai ne za ka auna na gaskiya ka sa a wurinsa.

Ruwa a tsaye daban, ruwa na gudu daban

Duk lissafin da muka yi na lokacin da famfo ke rufe ne, ruwa na tsaye cik a cikin bututu. Da zarar ka buɗe, ruwa ya fara gudu yana gugar jikin bututu, wannan guga kuma tana cinye wani kaso na ƙarfin. Abu huɗu ke ƙara ta: tsawon bututu, ƙanƙantar cikinsa, yawan gwiwoyi da mahaɗai, da kuma yawan ruwan da kake son ya wuce a minti ɗaya.

A cikin huɗun nan, faɗin bututu ne babba. Ɗauki ruwan da zai cika jarka mai lita 20 a minti biyu, wato lita 10 a minti. In bututun roba mai rabin inci ne, kowace mita 100 ta tsawonsa tana cinye ƙarfi kamar na tsayin mita 6 zuwa 7. In mai inci ɗaya ne, wannan ruwa dai, abin da zai ci bai kai mita ɗaya ba. Bambancin kusan ninki goma ne.

To dubi lambunka. Ka ce rabin inci ka ja saboda ya fi araha. A nisan mita 60, guga za ta cinye wajen mita 4 daga cikin mita 7 da kake da su, saura 3 a bakin famfo. In ka ƙara ɗaura dogon tiyo a kai, shi ma ya ci nasa rabon. Da inci ɗaya ka ja, abin da za ka rasa bai kai rabin mita ba. Ka ga a nan araha ba ta yi ado ba. Matsalar lambu ba ta tsayi ba ce, ta bututu ce.

Yadda za ka gane inda cutar take

Gani ya kori ji, don haka ka gwada abu biyu kafin ka sayi komai.

Gwaji na farko na tsayi ne. Rufe duk famfunan gida. Ka ɗaura tiyon magina a bakin famfon shago, ka ɗaure da roba sosai, ka ɗaga ɗaya bakin sama a jikin doguwar gora, sannan ka buɗe famfon. Ruwa zai hau cikin tiyon ya tsaya daidai da saman ruwan tanki, ko da tankin ba ya ganuwa daga nan. Auna daga bakin famfo zuwa inda ya tsaya. Wannan shi ne tsayinka na gaskiya, ba ƙiyasi. In geji za ka saya, nemi wanda lambobinsa suka tsaya a bar 1 ko 2. Wanda ya kai bar 10, allurarsa da ƙyar za ta motsa a irin wannan ƙarfi.

Gwaji na biyu na gudu ne. Ka sa jarka a ƙarƙashin famfo, ka buɗe shi duka, ka duba agogo ka ga minti nawa ta cika. Ka rubuta, tare da inda ruwan tanki yake a lokacin.

In gwajin farko ya nuna tsayi kaɗan, to maganin ɗaga tanki ne ko sauke famfo. In ya nuna tsayi mai kyau amma jarka na daɗewa, to cutar tana cikin bututu. Ko dai ya yi siriri, ko yashin rijiya ya taru a ciki, ko makunnin da ke gindin tanki ba a buɗe shi duka ba. Wani lokaci kuma iska ce ta maƙale a inda bututu ya hau ya sauka, alamarta ita ce famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa, musamman bayan tanki ya ƙafe an sake cika shi. A irin ƙaramin ƙarfin da tankin gida ke bayarwa, iska kaɗan tana iya tsayar da ruwa gaba ɗaya.

In kuwa ruwan tiyon ya tsaya ƙasa da inda lissafi ya nuna alhali duk famfuna a rufe suke, to ka yi zargin yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Ka yi wa ruwan tanki alama da dare, ka duba da asuba kafin kowa ya taɓa famfo. In ya sauka, bi hanyar bututu ka nemi inda ƙasa ke da laima ko ciyawa ta yi shar a tsakiyar rani.

In ka ɗaga tanki, me za ka samu?

Mu ce ka ƙara wa hasumiya mita 2, ta zama 6. Kowane famfo a gidan zai sami ƙarin bar 0.2, ba ƙari ba ragi. Amma amfanin wannan ƙari ba ɗaya ba ne a ko'ina.

A shago, mita ɗaya da rabi ta safe ta zama uku da rabi, na yamma kuma daga babu ya koma mita 2. Ma'ana, ruwan la'asar zai fi na safiyar yanzu ƙarfi, kuma ba zai ɗauke ba sai tanki ya ƙafe. A nan kuɗinka ya yi aiki.

A tsakar gida kuwa, daga mita 4.5 zuwa 6.5, kada ka zaci ruwa zai ninka. Gudun ruwa ba ya bin tsayi kafaɗa da kafaɗa. Kafin gudu ya ninka biyu, sai tsayi ya ninka kusan huɗu. Ƙarin mita 2 ɗin nan zai ƙara maka kamar kashi ɗaya cikin biyar ne, wato jarkar da ke cika a minti 6 ta koma cika a minti 5. A lambu ƙarin bai ma kai haka ba. Can, canza bututu zuwa inci ɗaya, tare da kan famfo mai faɗi, zai iya ninka maka ruwan ba tare da ka taɓa hasumiya ba.

Akwai kuma 'yar dabara ta kyauta. Kowace rabin mita da ka sauke bakin famfon shago, daidai take da ɗaga tanki da rabin mita. In ka gina ɗan rami mai siminti inda ake ajiye jarka, da hanyar da ruwan da ya zube zai fita, ka sauke famfon, ka sami ƙarin tsayi da kuɗin buhun siminti.

Ga manoman da suka sha tambayarmu game da ban ruwa, lissafin ɗaya ne. Ƙaramin tsarin nan na ɗiga ruwa a gindin shuka, wanda ake yi wa ɗan lambu da bokiti ko ganga, tsayin mita 1 zuwa 2 ya ishe shi. Amma abin feshin nan mai juyawa yakan buƙaci bar 2 ko fiye, wato mita 20 zuwa sama. Hasumiyar gida ba za ta juya shi yadda ya kamata ba, sai an haɗa da inji.

Gargaɗi kafin a kira mai walda

Ruwa lita 1,000 tan ɗaya ne. Tankinka in ya cika, tan 2 ke zaune a sama, kamar buhun masara 20 masu kilo ɗari-ɗari. Ƙarfen da ya ɗauki wannan kaya a mita 4 ba lallai ya ɗauke shi a mita 6 ba, don doguwar ƙafa ta fi saurin lanƙwashewa, iskar farkon damina kuma ta fi samun abin kamawa, musamman in tankin ba kowa a ciki. Kada a yi ɗori a kan tsohon ƙarfe kai tsaye. A nemo wanda ya san aikin ya duba kaurin ƙarfen, da harsashin da aka binne ƙafafun a ciki, da ƙarafan da ake gittawa tsakaninsu. A ɗaure tankin, kuma kada a kafa shi inda yara ke wasa ko kusa da wayar lantarki.

Ka tuna kuma injin da ke cikin rijiya zai ƙara hawa mita 2, don haka cika tanki zai ɗan ƙara ɗaukar lokaci. In dama da ƙyar yake kai ruwa sama, a duba takardarsa a ga iyakar tsayin da aka rubuta masa.

To malam, shawararmu a taƙaice ita ce, ka fara da gwajin tiyo da na jarka. In awon ya zo kusa da abin da muka ƙiyasta, ka bar maganar sabon tanki tukuna. Ka sauke famfon shago, ka canza bututun lambu, sannan ka ɗaga hasumiya in ƙarfe da aljihu sun yarda. In ka gwada, ka rubuto mana tsayin da ruwan ya tsaya a tiyo da mintocin da jarka ta ɗauka, mu sake lissafawa tare.